Yadda ake rubuta shafin ƙarshe na gabatarwa: abin da za a tuna da abin da za a yi

Duk wanda ya saba zama a taron da ake haska bayani da majigi ya san wannan shafin. Mai jawabi ya yi minti ashirin yana zuba bayani, sai ya danna na ƙarshe, allo ya cika da “Na gode” da manyan haruffa, wani lokaci har da hoton furanni ko hannuwa biyu suna musafaha. A yi tafi, a shiga tambayoyi. Wannan “Na gode” ɗin kuma ya zauna a bango minti goma ko sha biyar yana kallon jama'a, bai gaya musu komai ba.

Abin lura shi ne, silayid na ƙarshe ya fi kowanne daɗewa a kan allo. Sauran shafukan minti ɗaya ko biyu suke yi a wuce su. Shi kuwa yana nan ana tambayoyi, yana nan shugaban taro na sharhi, shi ne kuma wanda mutane ke ɗaga waya su ɗauka kafin su tashi. Don haka aikinsa biyu ne: ya maimaita abubuwa ƙalilan da kake so a fita da su, sannan ya faɗi abu ɗaya tak da kake so a aikata. Godiya da baki ake yin ta.

Zan bi matakan da misali guda har ƙarshe. A ce ke ce akanta a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, an ba ki minti goma sha biyar gaban hukumar gudanarwa mai mutum bakwai, ki yi bayanin dalilin da ya sa ya kamata a rage dogaro da janareta a koma sola. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, ki sa naki a madadinsu.

Mataki na farko: fara da buƙatar, tun kafin ki buɗe kwamfuta

Ɗauki takarda ki cike wannan jimlar: “Idan an tashi daga taron nan, ina so wane ya yi kaza kafin ranar kaza.” Muddin jimlar ba ta cika ba, ki bar PowerPoint a rufe, domin ba ki riga kin san abin da kike nema ba.

Yawancin mutane abin da ke fara zuwa musu shi ne irin “a goyi bayan amfani da sola” ko “mu haɗa hannu mu rage kashe kuɗi”. Wannan fata ne. Kowa a ɗakin zai gyaɗa kai ya ce madalla, a tashi, wata shida su wuce janareta na nan yana shan mai. Hanyar gane buƙata ta gaskiya ita ce ki tambayi kanki: gobe da safe, za a iya cewa an yi ko ba a yi ba? “Goyon baya” ba ya amsa wannan. “A sa hannu a takardar amincewa” yana amsawa.

Sai abu na biyu, wanda ya fi wuya. Buƙatar ta zama wadda mutanen da ke zaune a gabanki suke da ikon yi, kuma wadda za su iya yi ba tare da sun ji an tura su rami ba. Aikin solar gaba ɗaya, a ce, naira miliyan 9.6 ne. Da wuya mutum bakwai su saki wannan kuɗin bayan jawabin minti goma sha biyar, ko da lissafinki ya gamsar da su. Za su ce a kafa kwamiti. To ki riga su. Ki nemi matakin da ke gaba kawai: a amince da naira 150,000 don injiniya ya zo ya auna wutar da asibitin ke ci a zahiri, ya kawo rahoto kafin zaman hukuma na gaba. Wannan ana iya yanke shi nan take, kuma wanda ya biya kuɗin awo ya riga ya sa ƙafa a hanya.

Me ya sa ɗaya tak? Saboda idan kin jera uku, a amince da kuɗin awo, a nemo farashi daga kamfanoni, a sake duba kwangilar mai kawo dizal, kin ba hukumar damar zaɓar mafi sauƙi ta bar sauran, ko ta ɓata lokacin tana gardamar wanne za a fara. Sauran buƙatun ba su ɓace ba. Suna cikin takardar da za ki raba, ko su jira zaman gaba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na biyu: ki sa wa buƙatar hanya

A shekarar 1965 wani masanin halayyar ɗan Adam, Howard Leventhal, tare da abokan aikinsa, sun yi gwaji da ɗaliban Jami'ar Yale a Amurka. An ba su ƙasida kan cutar titanus, mai sandarar da jiki, da muhimmancin allurar rigakafinta. Da yawa sun gamsu, sun ce za su je. Amma waɗanda suka je ɗin ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Wani rukunin kuma an ƙara musu taswirar jami'ar da aka zagaye wurin asibitin, da lokutan da ake yin allurar, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokacin zuwa. A cikinsu kusan kashi 28 cikin ɗari suka je. Ɗaliban nan yawancinsu sun san inda asibitin yake. Taswirar ba sabon ilimi ta ba su ba, sai dai ta mayar da niyya ta zama tafiya mai rana da hanya.

Haka buƙatarki take. Tana son abu huɗu: aikin da za a yi, wanda zai yi, lokaci, da yadda za a yi. Ga yadda jimlar ke sauyawa.

Ta farko: “Muna neman goyon bayan hukuma kan batun sola.”

Ta biyu: “A amince da kuɗin auna wuta.”

Ta uku: “Hukuma ta amince yau da ₦150,000 don auna wuta. Rahoto zai zo kafin zaman watan gobe.”

Ta ukun ce za ta hau allo. A lura da kalmar “yau”. Idan ba ki sa ta ba, wani zai ce “to, za mu duba”, kuma duk mun san inda “za mu duba” ke ƙarewa. Idan kuma akwai takardar da za a sa wa hannu, ta kasance tana kan teburin shugaba tun kafin ki fara magana, da biro a gefenta.

Mataki na uku: tsamo abubuwan da za a tuna

Yanzu ki buɗe fayil ɗin. A PowerPoint ki shiga View, ki zaɓi Outline View. Zai jero miki kanun shafukanki a gefen hagu. Ki karanta su daga sama zuwa ƙasa, kina yi wa kowanne tambaya ɗaya: wannan yana taimaka wa mutum ya ce “na amince” ga buƙatata? Wanda bai taimaka ba, komai wahalar da kika sha wajen haɗa shi, ba shi da wuri a shafin ƙarshe. Tarihin yadda aka sayi janaretan, da bayanin bambancin nau'o'in batir, sun yi aikinsu a tsakiyar jawabi.

Uku sun isa. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda kaɗan ne. Nelson Cowan ya kimanta shi da kusan abu huɗu a wani nazari da ya wallafa a 2001. Abu uku da buƙata ɗaya sun cika huɗun ke nan. Idan biyu ne ke da ƙarfi, ki bar su biyu, kada ki ƙirƙiro na uku don cike gurbi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a rubuta kanun batutuwa maimakon sakamako. Za ka ga an jera:

Kuɗin mai
Amfanin sola
Matsaloli

Wannan jerin ya tuna wa mutum cewa an yi magana a kan kuɗin mai, amma bai tuna masa abin da aka ce ba. Wanda ya fita amsa waya a tsakiyar jawabi bai ƙaru da komai ba, haka wanda aka tura wa hoton shafin daga baya. Kowane layi ya zama cikakkiyar magana mai ɗauke da hukunci, da lamba ɗaya idan akwai:

Janareta na cin ₦600,000 na mai duk wata.
Sola za ta rage ₦400,000 daga ciki.
Aikin ₦9.6m zai mayar da kuɗinsa cikin wata 24.

Ki duba yadda suke jan juna. Na farko ciwo, na biyu magani, na uku farashi da lokacin da za a fanshe. Mai sauraro zai iya yin lissafin da kansa: miliyan 9.6 a raba da dubu 400, ya ba da 24. Ki tabbata lissafin ya fita daidai, domin a kowace hukuma akwai mutum ɗaya da zai ciro waya ya buga, kuma idan ya samu 26 inda kika ce 24, a kan wannan za a ƙare taron.

Ƙa'ida ɗaya da ba na sassautawa a kanta: kada sabon abu ya bayyana a shafin ƙarshe. Duk lambar da ke nan, an riga an gan ta a baya, da siffa iri ɗaya. Idan a shafi na biyar kin rubuta ₦612,400, sannan a ƙarshe ₦600,000, ki sa “kusan” a gabanta, ko ki daidaita su tun daga farko. Sabuwar hujja a ƙarshe sabuwar muhawara take buɗewa, daidai lokacin da kike son a rufe.

Mataki na huɗu: kan shafin

Kada ki rubuta “Kammalawa” ko “Taƙaitawa”. Wurin nan ido ke fara sauka, kada a ba wa kalmar da ba ta ɗauke da labari. Ki sa hukuncin jawabin duka cikin layi ɗaya, ko biyu idan ya kama: “Sola za ta biya kanta cikin shekara biyu”. Wanda ya karanta wannan kaɗai ya samu rabin jawabin.

Mataki na biyar: shimfiɗa shi a allo

Danna Ctrl+M don sabon shafi, sannan a Home ki zaɓi Layout, ki ɗauki Title Only. Na fi son wannan saboda yana barin fili fayau, ke za ki raba shi. Shafin PowerPoint na yanzu mai faɗi ne, 16:9. Ki kasa tsayinsa a ido: sama ga kai, tsakiya ga layuka ukun, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kuma ga buƙata ita kaɗai.

A Insert ki ɗauko Text Box don layuka ukun. Buƙatar kuwa ki sa ta cikin akwati: Insert, Shapes, ki ja murabba'i daga wannan gefe zuwa wancan, ki cika shi da launi mai duhu, ki rubuta a ciki da fari. Ya zama wannan akwatin ne kaɗai ke da launi mai ƙarfi a shafin. Idan kan shafin ja ne, layuka shuɗi, tambarin asibiti kore, to ido ya rasa inda zai tsaya.

Girman rubutu: kai 32 zuwa 36, layuka uku 24 zuwa 28, buƙata 28 zuwa 32 da kauri. Guy Kawasaki, wanda ya yi suna da shawararsa ga masu neman jari, cewa ya yi kada a sauka ƙasa da 30. A ƙaramin ɗakin taro 24 na karantuwa, amma ƙasa da haka kin fara rubuta wa kanki. Idan magana ta ƙi shiga sai an ƙanƙanta haruffa, kalmomi ne suka yi yawa, su za a rage. PowerPoint na da ɗabi'ar matse rubutu da kansa don ya shiga akwati, don haka ki riƙa duba lambar girman bayan kin gama bugawa.

Wani abu da ba a cika tunawa ba sai an shiga ɗakin: ƙasan allo shi ne kawunan mutanen gaba ke tarewa, musamman inda aka ɗora majigi a kan teburi ana haska bango. Ga manyan huluna, ga ɗaurin ɗankwali. Idan kin san irin ɗakin ke nan, ki ɗaga akwatin buƙatar sama kaɗan, ko ma ki mayar da shi ƙarƙashin kan shafi kai tsaye, layuka ukun su biyo baya a matsayin dalilai. Haka kuma ɗakin da rana ke shigowa ta taga yana wanke launi. Ruwan ɗorawa a kan fari, ko toka-toka mai haske, ɓacewa suke yi. Baƙi a kan fari, ko fari a kan shuɗi mai duhu, su ne ba sa ba da kunya.

In da Hausa kika rubuta, ki duba ƙ, ɗ, ɓ da alamar ₦ a kwamfutar da za a yi amfani da ita. Wasu nau'o'in rubutu na ado ba su da su, sai ki ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati. Arial da Calibri sun fi aminci. Ki kuma ajiye kwafin PDF a filashi.

Kada ki sa motsi a wannan shafin, irin layukan da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce ki koma shafi na shida sannan kika dawo, ba kya son sai kin yi ta dannawa kafin buƙatarki ta sake fitowa.

Idan taron babba ne

Misalinmu na mutum bakwai ne masu yanke hukunci a wurin. Idan kuwa mutum ɗari biyu ne a zaure, a ce kana kiran masu shaguna su yi rajistar wani horo, to hanyar aikatawa dole ta kasance a kan allon. Nan ake sa lambar QR. A Chrome na kwamfuta, ka danna dama a kan shafin fom ɗin, za ka ga Create QR Code for this page. Ma'aunin da aka saba bi shi ne faɗin lambar ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka. Wanda ke zaune mita goma daga allo yana bukatar ta kai kusan mita ɗaya a bango. 'Yar ƙarama a kusurwa ta mutanen layin gaba ce kawai.

Kuma ba kowa ke da data a lokacin ba, ba kowace waya ke karanta ta ba. Ka sa gajeriyar hanya ta biyu a ƙasanta, lambar waya ɗaya da za a tura kalma ɗaya. Wannan bai karya ƙa'idar buƙata ɗaya ba: aikin ɗaya ne, rajista, ƙofofin ne biyu. Abin da ke karya ta shi ne jera adireshin imel da Facebook da Instagram da lambobi uku. Ka kuma buɗe fom ɗin da wayar wani, ba taka ba. Sau da yawa fom na buɗe wa mai shi lafiya lau, ya ce wa kowa ba shi da izini.

Mataki na shida: gwaji

Ki nuna wa abokin aikin da bai san zancen ba shafin na daƙiƙa goma, ki rufe, ki tambaye shi: me ake so a yi, wa zai yi, yaushe? Idan ya yi jim, ko ya ce “wani abu ne dai kan sola”, gyara ya rage. Yawanci ko dai akwatin buƙatar bai fita daban ba, ko jimlar ta yi tsawo.

Sannan ki danna Shift+F5 don ya cika allo, ki ɗauki hotonsa da waya daga nesa, ki duba hoton ba tare da kin buɗa shi da yatsu ba. A haka zai yi yawo a WhatsApp, a haka kuma mamban hukumar da bai samu zuwa ba zai gan shi.

Mataki na bakwai: abin da za ki faɗa, da inda za ki tsaya

Kada ki juya wa mutane baya kina karanta allo. Sun riga ki karantawa. Minti ɗaya ya isa, ki haɗa layukan da bakinki, ki fuskanci mai yanke hukunci:

“Ranka ya daɗe, a taƙaice, dubu ɗari shida muke ƙonawa duk wata. Sola za ta ɗauke mana dubu ɗari huɗu, cikin shekara biyu ta biya kanta. Abin da muke roƙo yau ba kuɗin aikin ba ne. A amince mana da dubu ɗari da hamsin, injiniya ya auna, mu kawo muku rahoto a zama na gaba. Na gode.”

Daga nan ki yi shiru. Wannan shirun yana da nauyi, kuma a cikinsa ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu, su fara “ko da yake dai ba dole ba ne yau” ko “idan da hali”. Ladabi yana cikin “ranka ya daɗe” da “muna roƙo”, ba sai kin janye buƙatar ba.

Ki kula da yatsanki. Idan kika ƙara dannawa sau ɗaya, PowerPoint zai nuna baƙin allo mai ɗauke da “End of slide show, click to exit.”, in kika sake kuma sai ga fayilolinki a bango kowa na kallo. Maganinsa mai sauƙi ne: ki zaɓi shafin ƙarshen a jerin gefen hagu, ki danna Ctrl+D, ya zama biyu iri ɗaya. Ko kin zarce, ba wanda zai lura. Shafukan ƙarin bayani, irin jadawalin kuɗin mai wata-wata, su zauna a bayan waɗannan. Ki rubuta lambobinsu a 'yar takarda. Idan aka yi tambaya, ki buga lambar shafin ki danna Enter, zai kai ki can kai tsaye. Da kin amsa, ki buga lambar shafin ƙarshe ki dawo.

Idan aka ɗauke wuta kafin ki kai ƙarshe, ko shugaba ya ce saura minti biyu alhali kina shafi na huɗu, kada ki yi ta gudu cikin sauran. Ki tsallaka zuwa wannan shafin, ko ki ɗaga kwafinsa da kika buga a takarda guda bakwai, ki miƙa wa kowa nasa, ki faɗi jimlolin nan huɗu. Bayan tambaya ta ƙarshe kuma, kafin a rufe taro da addu'a, ki nuna akwatin ki ce: “Ranka ya daɗe, sai batun amincewar.”